Kafin ka biya kuɗin mayar da adireshi zuwa taswira: wanne ya dace da Zariya?

Idan kana da jerin adireshin shaguna ko kwastomomi dubu biyu a Excel, kana so kowanne ya samu latitud da longitud don mai kai kaya ya gan shi a taswira, to abin da za ka fara tambaya shi ne: wace manhaja ce za ta gaya maka gaskiya idan ba ta gane wuri ba? Adireshinmu a Zariya kwatance ne: “bayan masallacin Juma'a, Tudun Wada”, ko “kusa da gidan mai, Ƙofar Doka”. Manhaja ba ta san bayan masallaci ba. Sau da yawa sai ta ɗauki kalmar da ta gane, ta dasa maka alama a tsakiyar unguwa ko tsakiyar gari, ta yi shiru.

Ni dai OpenCage na fi so. Kowane sakamako yana zuwa da lambar `confidence`, daga 0 zuwa 10, wadda ke nuna faɗin filin da aka samo. 10 na nufin wurin bai kai kwatan kilomita ba, 1 kuwa kilomita 25 ne ko fiye. Don haka da ka jera sakamakonka bisa wannan lamba, waɗanda aka jefa cikin “Zariya” kawai za su taru a ƙasa. Sannan sun yarda ka ajiye sakamakon har abada, wanda ga mai rarraba kaya shi ne amfanin aikin gaba ɗaya. Sai dai a kula, lambar faɗi take aunawa, ba daidaito ba. Tana iya ba ka 9 a kan wani titi da ke Tudun Wadan Kaduna. Maganin wannan shi ne ka sa `countrycode=ng`, ka kuma kewaye Zariya da `bounds`. Bayanansu galibi daga OpenStreetMap suke, wato taswirar da masu sa kai ke haɗawa, lungunan cikin ganuwa kuma da yawa ba su da suna a can, saboda haka ka sa ran za a bar maka aiki mai yawa na hannu.

Google ya fi sanin shaguna da makarantu, kuma `location_type` ɗinsa yana da amfani: `ROOFTOP` gini ne takamaimai, `APPROXIMATE` kintace ne, wata alama ta daban kuma, `partial_match`, tana nufin wani ɓangaren adireshin kawai ya gane. Abin da ya raba ni da shi sharaɗinsa ne na riƙe latitud da longitud kwana 30 kacal. Nominatim kyauta ne, amma tambaya ɗaya a daƙiƙa, kuma ba sa son a yi musu lodi. Mapbox sai ka biya tsarin dindindin kafin ka ajiye komai.

Inda na fi jin zafi shi ne masu karɓar kwangilar wannan aiki. Wani ya taɓa dawo mana da jeri cike fal, babu layi ko ɗaya da ya bari, masu babur kuma suka wuni suna zagaye wuri guda alhali shagunan suna Samaru, Wusasa da Gyallesu. Duk wanda ya ce maka ya samo adireshin Zariya ɗari bisa ɗari, ka ji tsoronsa. Ka buƙaci ya ba ka amsar manhajar yadda ta fito, da adireshin da ta ce ta gane, gefe da gefe da naka. Idan ka rubuta Hanwa ta dawo da “Zaria, Kaduna, Nigeria” kawai, wannan layin bai samu ba.

Ka kuma ƙirga layuka nawa suka faɗa a ɗigo ɗaya. Idan latitud yana B, longitud yana C:

```
=COUNTIFS(B:B,B2,C:C,C2)
```

Shago biyar a ɗigo ɗaya yana yiwuwa a kasuwar Sabon Gari. Shago ɗari uku kuwa tsakiyar gari ne aka ba ka. Masu wayo sukan ɗan motsa lambobin ƙarshe don kada a gane, to sai ka rage kowace lamba zuwa gurbi uku bayan ɗigo, wato kusan mita ɗari, ka sake ƙirgawa. Tarin zai bayyana.

Bayan haka ka yi shinge. Zariya da Samaru suna tsakanin latitud 11.0 da 11.25, longitud 7.55 da 7.8. Wanda ya nuna 12.0 ya tafi Kano, wataƙila Sabon Garin can aka ɗauko, 10.5 Kaduna ce. Idan ka ga 7.7 a gurbin latitud da 11.1 a gurbin longitud, an juya su ne, kwastomanka ya koma jihar Taraba. 0,0 kuma yana tsakiyar teku, alamar ba a samu komai ba.

Kafin ka biya kowa, ka ware adireshi hamsin da ka san ƙofarsu da ƙafarka, wasu daga GRA inda tituna ke da suna, wasu daga Kwarbai da Tudun Jukun, ka gwada kowace manhaja da su. Layukan da suka faɗi a babban aikin kuma, ka ba mai kai kaya ya ɗauki wurin da GPS na wayarsa ranar da ya je, a ajiye wannan a madadin na manhaja.