Manhajar gane bidiyon bogi ko bin sawu da Google Lens, wanne zan riƙe?

"Salam 'yan uwa, ni ne admin ɗin guruf ɗin danginmu, kullum sai an turo bidiyo ana ta gardama wannan gaske ne wannan haɗi ne. Wani ya ce in biya kuɗin manhajar da ke gane bidiyon ƙirƙirarriyar basira, wani kuma ya ce Google Lens kawai ya isa. Wanne ya fi don Allah?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa, riƙe kuɗinka. Ni na riga ka faɗawa wannan ramin, na biya na wata guda, kuɗin da ya isa in yi datar wata har da canji, kuma yau in ka tambaye ni me na ƙaru da shi sai dai in ce na koyi hankali. Ka loda bidiyo ta yi ta juyi ta juyi, can ta ba ka lamba wai kashi kaza cikin ɗari haɗi ne. Ranar da na fitar da rai da ita, bidiyon sunan ɗan ƙanwata na saka mata, wanda ni da hannuna na ɗauka, an tura wa wannan an tura wa wancan a WhatsApp har ya dawo mini ya dusashe, ta ce mini wai akwai alamar haɗi. Rago da ni na riƙe ƙafarsa aka yanka!

Kuma ba wai lallai masu manhajar ɓarayi ba ne, yadda abin ke aiki ne haka. Ana koya mata ne da bidiyoyin da tsofaffin na'urori suka haɗa, tana neman wasu ƙananan tabo a cikin hoton da ido ba ya gani. To WhatsApp da Facebook suna matse bidiyo don kar ya ci data, matsewar nan tana goge tabon, wani lokacin ma ta sa nata tabon a kan bidiyon gaskiya. Sannan in sabuwar na'urar haɗi ta fito, manhajar ba ta san hannunta ba tukuna. Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Yawancin abin da ke tada ƙura a gurufofinmu bidiyon gaske ne, tsoho ne kawai ko na wata ƙasa, aka manna masa sabon labari. Manhaja za ta ce maka na gaske ne, kuma ba ta yi ƙarya ba, kai kuma ka tura wa jama'a ƙarya da ƙwarin gwiwa. Abu ɗaya zan yaba mata, in haɗin na ɗan koyo ne tana kamawa, amma irin wannan kai ma da idonka za ka kama.

Shi kuwa Google Lens kyauta ne, kuma shi ya fitar da ni kunya gaban kawuna. A watan Mayun 2025 Kawu ya turo mini wani bidiyo yana ta murna, wai ga sabon Fafaroma, Leo na 14, yana yi wa Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso jawabi da Turanci, yana yaba masa. Ka san yadda dattawanmu suke son Traoré, ba a taɓa shi. Bidiyon dogo ne, minti 36, kuma wallahi a ƙaramar waya in ka kalla sama sama babu abin da zai sa ka yi zargi, Fafaroman ne, kayansa ne, takarda a hannunsa yana karantawa.

Abin da na yi, na tsayar da bidiyon a wurare uku na ɗauki sikirinshot, na zaɓi inda ake ganin kujera da abin da ke bayansa, ba fuska kaɗai ba. Na yanke rubutun da masu yaɗawa suka ɗora a sama da ƙasa, don in ka bar shi sai binciken ya bi rubutun ya yi ta kawo maka kwafin ƙaryar. Na buɗe manhajar Google, na danna alamar kyamarar nan da ke gefen wurin rubutu, na zaɓi hoton. Abin da za ka duba a sakamakon shi ne kwanan wata da kuma wa ya fara sakawa, ka yi ta gangarawa kana neman mafi tsufa. Sai ga shi hoton daga ganawar da Fafaroman ya yi da 'yan jarida ne ranar 12 ga Mayu, kwana huɗu bayan zaɓensa, kuma a wannan zaman babu zancen Traoré. An ɗauki bidiyon gaske aka cire muryar, aka sa ta haɗi, aka gyara motsin leɓe ya bi sabuwar maganar. Kafar labarai ta fadar Vatican ma ta fito ta ƙaryata. Na tura wa Kawu na asalin da na haɗin a jere, ban ce komai ba, ka san ba a ce wa babba ka yi kuskure. Sai da la'asar ya kira ni ya ce to Allah ya kyauta, tun daga ranar kafin ya tura abu guruf sai ya fara turo mini.

Shi ma fa yana da inda yake tsayawa, kar in yi maka tallan maganin gargajiya mai warkar da cuta casa'in da tara. In bidiyon daga tushe na'ura ce ta ƙirƙire shi, babu na asali da za ka samo, sai dai ka ga kwafinsa ko ka ga babu komai. Kuma babu komai ba ya nufin gaskiya ne, ba ya nufin ƙarya ne, wataƙila sabo ne ko daga wayar wani ya fito kai tsaye. Wasu kuma suna juya bidiyon hagu ya koma dama don ɓad da sawu, in ka ga rubutun allo a juye ka juya hoton ka sake nema. Saƙon murya kuwa sam ba hurumin Lens ba ne.

A irin wannan wurin ne ido ke shigowa, amma ni ɗan rakiya nake ɗaukarsa ba alƙali ba. Wanda na fi amfani da shi shi ne leɓe. Faɗi "baba" ko "mama" ka ji, dole leɓɓanka su haɗu a kan b da m. Ka rage gudun bidiyon, a YouTube akwai 0.25x, ka ga ko bakin mai maganar yana rufewa a waɗannan wuraren. Sai rubutun da ke baya, allon shago, lambar mota, rubutun jikin keke napep, na'ura tana yawan yin wasu haruffa da ba Boko ba ba Ajami ba. Sai kuma ƙirga, abu nawa ne a farko nawa ne a ƙarshe. Bidiyon zomayen nan masu tsalle a kan katifar wasa da ya zagaye TikTok a 2025, miliyoyi sun yarda da shi don an yi shi kamar kyamarar tsaro ce ta ɗauka da dare, amma in ka tsura ido za ka ga zomo ɗaya ya ɓace ana cikin tsallen. Ka lura da tsawo ma, Veo 3, manhajar haɗa bidiyo ta Google da ta fito a Mayun 2025, yankin daƙiƙa 8 take fitarwa a lokacin, shi ya sa in ka ga bidiyo yana yankewa duk bayan 'yan daƙiƙu, kuma fuskar mutumin ko hularsa ta ɗan sauya a kowane yanki, ka sa ayar tambaya.

Amma waɗannan alamomin suna tsufa kamar waya. A 2018 cewa ake fuskar haɗi ba ta ƙifta ido, aka gyara. Aka koma yatsu shida, shi ma yanzu da wuya ka gani. Bidiyon bogin Zelensky shugaban Ukraine na Maris 2022, wanda aka sa shi yana cewa sojojinsa su ajiye makamai, kowa ya gane don kan bai dace da jikin ba, to yau ba haka ake yin su ba. Tambarin da wasu manhajoji ke sakawa, irin na Sora mai yawo a fuskar bidiyo, ana gogewa ko a yanke, don haka ganinsa alama ce, rashinsa ba hujja ba ce.

Ɗaya gefen kuma shi ya fi ba ni tsoro, ido yana sa a ƙaryata gaskiya. Ka tuna zancen Jubril na Sudan, yadda aka yi ta auna kunnen Buhari da hannun da yake rubutu da shi, alhali wasu hotunan juya su kawai aka yi, har sai da ya fito a Poland a Disambar 2018 ya ce shi ne da kansa. A Gabon ma, jawabin sabuwar shekara na Ali Bongo a ƙarshen 2018, mutane suka ce haɗi ne don fuskarsa ba ta motsi yadda aka saba, ga shi mutumin shanyewar ɓarin jiki ya yi a watan Oktoba, kuma mako guda bayan bidiyon wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Rashin lafiya, rashin haske, natuwok mai sa murya ta riga baki, duk suna kama da haɗi.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Ka yi hattara da masu turo maka linki ko fayil ɗin APK a WhatsApp wai manhajar gane bogi ce an fasa ta kyauta, ko masu cewa kawo dubu kaza in saka maka a waya. In ka ga tana neman izinin karanta saƙonninka na tes, to me ya haɗa duba bidiyo da tes? Lambar sirrin da banki ke turo maka ake hari. Haka masu tallan zuba jari da fuskar wani attajiri ko mai karanta labarai yana cewa saka kaɗan ka kwashi da yawa, wannan ko bincike kar ka wahalar da kanka, duk bidiyon da ƙarshensa lambar akawun ce ka goge shi.

Don haka Lens za ka riƙe. Sikirinshot uku, ka nemi mafi tsufa, ka leƙa shafin mutumin ko hukumar da aka ce ta yi maganar, in babban abu ne ka duba ko BBC Hausa ko RFI Hausa sun ɗauka, ko shafukan bin diddigin labarai irin su Dubawa da Africa Check sun riga sun bincika. In duk ka yi ba ka samo tushe ba, ka rubuta a guruf cewa ba a tabbatar ba a dakata da turawa. Mai rubutun "Forwarded many times" a sama kuwa shi za ka fara dubawa. In akwai wanda ake gardama a kai yanzu turo shi nan, bayan isha'i in na samu caji zan duba maka.