Batirin 200Ah da aka ce zai kai ni asuba

Wata uku ke nan da na sayi batirin sola mai ruwa, wanda aka rubuta 12V 200Ah a jikinsa. Mai sayarwa ya dubi idona ya ce: "Yallabai, wannan ka kwana da shi ka tashi, ko gezau ba zai yi ba." Daren farko na kunna kaya ƙarfe takwas. Ɗaya da rabi na dare inbata ta fara kuka, fankoki suka tsaya cak, jaririyarmu ta farka cikin gumi tana tsala ihu. Na tsaya gaban batirin da tocila a hannu, raina ya ɓaci ƙwarai, don na gama yarda jabu aka sayar mini.

Abin da ya ƙara mini takaici, na yi nawa lissafin tun kafin in saya. Fanka biyu masu wat 75 kowacce, talabijin wat 60, ƙwan fitila huɗu masu wat 10, sai ƙaramin firiji da ke cin kimanin wat 50 idan an haɗa lokacin da yake aiki da lokacin da yake hutawa. Jimilla wat 300. Na raba da 230V na wutar gida, na samu 1.3A, wato amp ɗin da kayan ke ja. Tunda Ah na nufin amp sau awa, na raba 200 da shi, ya ba ni awa 150 da ɗoriya.

Mai haɗa wutar da na kira ya saurare ni, sannan ya karɓi biro. Ya ce 200Ah ɗin nan a kan 12V aka auna shi, ba a kan 230V ba, don haka Ah shi kaɗai ba ya gaya maka yawan wutar da ke ciki sai ka ninka shi da V ɗin batirin. Ya rubuta a bayan kwali:

```
Ah × V = Wh
200 × 12 = 2400Wh
```

Wh na nufin wat sau awa. Ya ce kuma 2400 ɗin ba duka nawa ba ne. Batir mai ruwa, in kana son ya daɗe, rabi kawai ake ci, wato 1200Wh. Inbata ma tana zubar da kusan kashi 15 cikin 100 a matsayin zafi wajen juya wutar, saura 1020Wh. Ka raba da wat 300, awa uku da kusan rabi ke nan. Awa biyar da rabin da na samu a daren, na same su ne domin na tatse batirin har inbata ta yanke da kanta.

Na ce to ai ko an tatse duka, lissafi ya ce kusan awa bakwai. Sai ya nuna mini C20 da ke rubuce ƙanana a gefe. Ma'anarsa, 200Ah ɗin yana cika ne idan ana jan 10A a hankali na tsawon awa 20. Ni kuwa kayana suna jan kusan 29A daga batirin, kuma batir mai ruwa in aka matsa masa haka, abin da yake bayarwa raguwa yake yi.

A nan na sauko. Batirin bai yi ƙarya ba, abin da aka rubuta a jikinsa shi ya bayar. Yanzu da dare fanka ɗaya da ƙwai biyu nake bari, wat 95, da abin da inbata ke ci don kanta ya kai wajen 120. Firiji na rana ne, lokacin da faifan sola ke ba da wuta. Awa takwas da rabi nake samu, kuma da safe in na kashe komai na bar shi ya huta, mita tana nuna 12.2V, alamar rabi ya rage. Ta wannan fuska na gamsu da shi.

Amma duk sanda na tuna, raina sai ya sake sosuwa. Mako biyu na yi ina tatse shi kowane dare kafin in kira mai haɗa wuta, kuma kowace tatsa tana cin kwanansa. Da yana sabo, in ya cika ya huta 12.7V nake gani, yanzu da ƙyar yake tsayawa a 12.5V. Mai sayarwa bai tambaye ni ko fanka nawa gare ni ba, alhali lissafin nan bai wuce minti biyu ba. Da na koma na faɗa masa, cewa ya yi in ƙaro na biyu. Biyun 4800Wh ne, ko an jera su sun zama 24V 200Ah ko an haɗa su sun zama 12V 400Ah, kuma a kan wat 300 ɗina awa bakwai ma ba za su cika ba in ana tsayawa a rabi. Daga ƙarfe takwas, wajen uku na dare ke nan, ba asuba ba. Batirin zan iya sake sayen irinsa, amma ba a hannun mutumin nan ba.