Gargaɗi: mai "manhajar da ta iya Hausa" a Samaru

Jama'ar Zariya, musamman sakatarorin ƙungiyoyi da masu kai takardu shagon kwamfuta, ku ji abin da ya same ni.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman masara. Fom ɗinmu na rajista da na bashin taki, haɗe da jerin sunayen mambobi, shafi 36 ne, duk da keken rubutu aka buga su tun da daɗewa. Shugaba ya ce a zuba su a kwamfuta yadda za mu riƙa gyarawa. Aka nuna mini wani matashi a Samaru, ba shi da shago, tebur ne kawai a barandar wani. Ya ce, "Ranka ya daɗe, manhajata daga waje take, ta iya Hausa, kuma ni da kaina zan bi layi-layi in tace." Naira 500 kowane shafi, na biya 18,000 kuɗi hannu. Washegari ya turo fayil ɗin Word. A waya ya yi kyau tsaf, har godiya na yi masa.

Sai da na buɗe a kwamfuta zan sauya shekara, na danna kan rubutun, shafin gaba ɗaya ya kewaye da layi. Ashe hoto ne ya manna. Shafi 14 masu gidaje-gidaje duk haka suke. Da na sani, tun a gabansa zan danna Ctrl+F in nemi kalmar "Suna", wadda ke saman kowane fom. Shafin da binciken ya tsallake, babu rubutu a cikinsa, hoto ne.

Sauran 22 ɗin kuwa rubutu ne, amma ɗanye. 'Yar yayana da ke karatu a Kongo na gani ta yi dariya: "Kawu, wannan ai OCR ne na kyauta, wato manhajar da ke ciro rubutu daga hoto." Ta nuna mini: a ɗora hoton a Google Drive, a zaɓi Open with, sannan Google Docs, rubutun ya fito a ƙarƙashin hoton. Manhajar siffar harafi take kallo ta yi hasashe, shi ya sa inda tawada ta dushe ko ta bazu take tuntuɓe. Gidajen fom kuma yawanci wargaje mata suke yi, abin da ya sa gogan naku ya manna hotunansu ke nan.

Kurakuran iri ɗaya suke ta dawowa. Haruffa masu lanƙwasa sun fi shan wahala: "ƙasa" ta zama "kasa", "Ɗanladi" ya zama "Danladi", wani wurin ɓ ta fito kamar 6. A kalmar "gwarnnati" da na yi ta cin karo da ita a madadin "gwamnati", m ce ta tsage gida biyu ta zama r da n. Waɗannan ido na kama su. Abin da ya tayar mini da hankali lambobi ne, domin lamba ba ta da ma'anar da za ta tona kuskure. Bashin wani mamba na 10,500 ya fito 1O,S00: sifili ya zama harafin O, biyar ta zama S. Wani kuma 3 ce ta rikiɗe ta zama 8, buhu uku na taki ya koma takwas a kan bawan Allah. Da an karanta wannan a taro, da zumunci ya ɓaci.

Kwana uku muka yi muna gyara. Shafukan da na ɗauka da waya a karkace muka sake ɗauka da sikana a kan 300 dpi, takarda a miƙe, kurakurai suka ragu sosai. Lambobi kuwa ni ina karanta takardar asali da ƙarfi, ita tana bin allo, muna ƙirga tsawonsu: lambar waya 11, NIN 11, asusun banki 10. Wadda ta gaza ko ta zarce, akwai matsala. Ku kuma yi hattara da Replace All a cikin Ctrl+H. Na so in mayar da kowace "kasa" zuwa "ƙasa" a bugu ɗaya, ta riƙe mini hannu, don akwai layin da ke cewa "wanda ya kasa biya". Ɗaya bayan ɗaya muka bi su. Gidajen fom ɗin da hannu muka sake zana su.

In za ku ba da irin wannan aiki, ku ce a yi shafi ɗaya gwaji, mai lambobi da gidaje, ku goge kalma ku rubuta wata a gaban mai aikin kafin kuɗi ya fita. Kuma fom wanda ba a cike ba za ku bayar. Nan na fi yin wauta: jerin sunayenmu na ɗauke da lambar waya da NIN na mambobi, kuma hotunan suna cikin kwamfutarsa.

Na koma barandar ranar Asabar, babu tebur babu mai tebur, lambarsa kuma ba ta shiga. Dogo ne siriri, yana yawo da baƙar jakar kwamfuta, kuma yana yawan cewa "daga waje take". Mambobinmu dai na faɗa musu duk wanda ya kira su da sunan ƙungiya yana neman lambar sirri, su kashe wayar.