Gargaɗi ga ƙungiyoyi a Daura da kewaye: kada ku sayi manhajar ƙuri'ar da ake tallatawa da "tsawon zagaye"

Jama'a, akwai wani mutum da yake bin ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa a Daura da kewaye yana sayar musu da manhajar fidda ƙuri'a. Ya sayar wa ƙungiyar da kawuna yake shugabanta, kuma abin ya kusa raba mutanen da suka yi shekaru suna zaman lafiya. Ni malamin kwamfuta ne, na buɗe manhajar da hannuna na karanta abin da ke ciki, shi ya sa nake so ku san yadda yaudarar take kafin ya iso wajenku.

Ƙungiyar tana da mambobi 400 daga ƙauyuka takwas, kowane ƙauye mutum 50. Sun samu buhun taki 40, suka ce a yi ƙuri'a don kada a zargi shugabanni da son kai. Mutumin ya zo da kwamfutarsa ya ce musu injin lambobinsa sai ya fitar da lamba 18,446,744,073,709,551,616 kafin ya koma inda ya fara. Ya ce ko lamba biliyan ɗaya yake fitarwa a kowane daƙiƙa, sai ya haura shekara 580 bai maimaita kansa ba. Ya nuna musu takardar "gwaji": an fitar da lamba miliyan ɗaya, kowane ƙauye ya fito sau 125,000 cif. Dattawa suka gamsu, aka cire kuɗi daga asusu aka biya shi.

Lissafin shekarun nan gaskiya ne. Abin da ya sa yaudarar take shiga ke nan.

Ranar ƙuri'a aka taru a ƙofar gidan kawu, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora kwamfuta a kan benci. Ƙauye na 1 ya fito, sai na 3, sai na 5, sai na 7, sai kuma na 1. Har aka kai buhu na arba'in, ƙauyuka na 2 da na 4 da na 6 da na 8 ko sau ɗaya ba a kira su ba. Wani dattijo daga ƙauye na 6 ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Alhaji, da ka ce mana ba mu ciki, da ba mu ɓata man babur ba." Da daddare kawu ya kira ni muryarsa na rawa. Ya ce, "Ɗana, zo ka duba min abin nan, wallahi ban sa hannu ba." Na ce, "Kawu, na sani. Ka ajiye takardar sunayen, ina tafe da safe."

Abu na farko da na gani a takardar ma bai shafi ƙauyuka ba. Lambar kowane mutum da ya ci a cikin ƙauyensa lamba ce mai rabuwa biyu: 14, 36, 8, 22, haka har ƙarshe. Babu 7, babu 19, babu 41. A ƙuri'a ta gaskiya, damar haka ta faru sau 40 a jere ba ta kai ɗaya cikin tiriliyan ba.

Ga zuciyar manhajar, yadda na same ta:

```
x = (6364136223846793005 * x + 1442695040888963407) % 2**64
kauye = x % 8 + 1
x = (6364136223846793005 * x + 1442695040888963407) % 2**64
mutum = x % 50 + 1
```

Wannan tsohuwar dabara ce da ake kira LCG: ka ninka lambar baya da wata lamba, ka ƙara wata, ka ɗauki ragowar rabawa. Manyan lambobin biyu ma ba nasa ba ne, na masanin kwamfuta Donald Knuth ne, kyauta suke ga duk mai so. Zagayensu cikakke ne, kowace lamba daga sifili zuwa ƙarshe za ta fito sau ɗaya kafin a maimaita. Amma tsawon zagaye amsar tambaya ɗaya tak yake bayarwa, wato yaushe injin zai dawo inda ya fara. Bai ce komai ba a kan yadda lambar yanzu take ɗaure da ta gaba. Yaron da ke ƙirga 1, 2, 3, 4 shi ma ba zai taɓa maimaita lamba ba, amma ba wanda zai raba taki da ƙirgarsa, domin kowa ya san abin da zai faɗa gaba.

Ku bi lissafin da ni, ba shi da wuya. Idan ka raba lamba da 8 ka ɗauki ragowa, ƙananan gurabe uku na ƙarshenta kawai kake kallo, a rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya. A irin wannan injin, gurabe na sama ba sa taɓa shafar na ƙasa, kamar yadda a ninkawar makaranta lambar ƙarshe ta amsa ta dogara ne kawai da lambobin ƙarshe na abin da aka ninka. Saboda haka waɗannan gurabe uku suna da nasu ƙaramin injin a ɓoye. Babbar lamba ta farko in an raba ta da 8 ragowarta 5, ta biyu ragowarta 7. Ƙaramin injin ke nan: ninka da 5, ƙara 7, ɗauki ragowar 8. Fara da 0, ka samu 7. Bakwai sau biyar 35, a ƙara 7 ya zama 42, ragowa 2. Ci gaba haka za ka samu 0, 7, 2, 1, 4, 3, 6, 5, sannan 0 ta dawo. Mataki takwas kacal, a cikin injin da aka ce sai ya yi shekara 580. Gurbi na can ƙarshe kuwa zagayensa biyu ne: mai rabuwa biyu, marar rabuwa, mai rabuwa, marar rabuwa, har abada. Gurbi mafi girma ne kaɗai yake da cikakken zagayen da ake talla da shi.

Yanzu ku tuna manhajar tana jan lamba biyu ga kowane buhu, ɗaya ta ƙauye, ɗaya ta mutum. To ƙauye yana samun kowace lamba ta biyu a jerin nan: 0, 2, 4, 6. A ƙara ɗaya, ga 1, 3, 5, 7. Mutum kuma kullum marar rabuwa ce take faɗo masa, kuma tunda 50 tana rabuwa biyu, ragowar ma marar rabuwa ce, a ƙara ɗaya ta koma mai rabuwa. Ƙauyuka huɗu, mutum 25 a kowanne: mutum 100 ne kawai cikin 400 suke cikin ƙuri'ar. Sauran 300 sun biya kuɗin ƙungiya, sun zauna a rana, alhali an fitar da su tun kafin a danna komai. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne lambar farko da ake ba injin ce take yanke wane ɓangare zai ci. Sauya ta daga marar rabuwa zuwa mai rabuwa, sai ƙauyuka 8, 2, 4, 6 su kwashe. Duk mai riƙe da kwamfutar da ya gane wannan, ƙuri'ar tana aljihunsa.

Takardar gwajin fa? Ita ce ma shaida a kansa. Ya ƙirga sau nawa kowane ƙauye ya fito ne kawai, yana jan lamba ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke zagaya gida takwas dole ya ba kowane gida kaso daidai. Ƙuri'a ta gaskiya ba ta ba da 125,000 cif sau takwas. Za ka ga wani ya haura da ɗari biyu ko uku, wani ya gaza da kamar haka. Gwajin da ya kamata ya yi shi ne na lambobi biyu-biyu: bayan 3, me ke biyowa? Akwai haɗi 64 da ya kamata su bayyana. Na gwada, takwas kawai ke fitowa. Bayan ragowa 3 kullum ragowa 6 ce.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. A shekarun 1960 kwamfutocin IBM sun zo da wani inji mai suna RANDU, mai zagaye sama da miliyan 536, masana suka yi ta bincike da shi. Lambobinsa ɗaya-ɗaya suna kama da na gaskiya. Amma in ka ɗauki uku a jere, ta ukun ita ce ta biyun sau 6, a cire ta farkon sau 9, a ɗauki ragowa. In aka zana su uku-uku a sarari, maimakon su cika ko'ina, sai su kwanta a shimfiɗa 15 kacal. Masanin lissafi George Marsaglia ya bayyana wannan cuta ta dangin LCG tun 1968.

Da na kira mutumin na faɗa masa, bai musa ba, bai kuma yarda ya mayar da kuɗi ba. Cewa ya yi a ƙara masa wasu, ya sa mana "babban inji" mai suna Mersenne Twister, wanda zagayensa lamba ce mai gurabe sama da dubu shida. Injin na gaske ne, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura suka ƙirƙiro shi a Japan a 1997, kuma ba shi da matsalar gurbin ƙarshe da na nuna. Amma kyauta yake zuwa a cikin harshen rubuta manhaja na Python, ba abin sayarwa ba ne. Kuma shi ma tsawon zagayensa bai wanke shi ba: wanda ya ga cikakkun lambobinsa 624 a jere zai iya lissafo duk masu zuwa, sannan yana faɗuwa a gwajin alaƙar jeri na BigCrush, cikin kundin gwajin injinan lambobi mai suna TestU01 na masana L'Ecuyer da Simard. Ga masu shagon intanet da ke fidda lambobin sirri na shiga, wannan ya isa ya hana ku amfani da shi.

In ya zo muku, kada ku tsaya jin yawan shekaru. Ku ce ya yi ƙuri'ar gwaji a gabanku, yadda za a yi ta ranar taro, ya fitar da sunaye 200. Ku ɗauki biro: duk ƙauyuka sun fito? Akwai lambobi masu rabuwa biyu da marasa rabuwa? Jerin yana komawa? Ku ce ya nuna rubutun manhajar ga wani naku da ya iya karantawa, ku tambaye shi daga ina lambar farko take fitowa kuma wa ke sa ta. Wucewa wannan gwajin ba ya tabbatar da ingancin inji, amma wanda ya faɗi a nan ya gama faɗuwa. In lallai da kwamfuta kuke so, layi biyu sun isa, kuma ba a biyan ko sisi:

```
import secrets
print(secrets.SystemRandom().sample(range(1, 401), 40))
```

Ƙungiyar kawu ta soke waccan ƙuri'ar. Allah ya taimaka ba a riga an fitar da takin daga sito ba, kodayake waɗanda sunansu ya fito ba su ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsu ba. An sake ta da takardu 400 a cikin ƙwarya, yaro ɗan shekara bakwai yana zarowa, kowane ƙauye da wakilinsa a tsaye. Kuɗin manhajar har yau ba su dawo ba, kuma na ji mutumin ya nufi wajen Mai'adua da Zango da wannan takardar gwajin tasa. In kuna da 'yan'uwa a ƙungiyoyin can, ku tura musu wannan.