Taƙaita shafi goma zuwa ɗaya: fotokwafi, biro ko kwamfuta?

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar sakandare ta Probatoire a Garwa ko Marwa a Kamaru, wanda aka ba shi takardar darasi mai shafi goma, yana da hanyoyi uku na mayar da ita shafi ɗaya domin bita a gida, kuma ya kamata ya auna su kafin ya fitar da sefa ko ɗaya.

Mafi sauri ita ce a sa mai fotokwafi ya rage girman rubutun, amma lissafi ba ya goyon bayanta. Idan aka haɗa shafi biyu a fuskar takardar A4, rubutu yana komawa kashi 71 cikin ɗari na girmansa. Idan huɗu ne yana komawa rabi, wato harafi mai lamba 12 ya zama 6, wanda da kyar ido ke karantawa da hasken tocila, balle a ce goma. Ga shi kuma ba a cire komai ba, don haka ba na ba da shawarar a kashe kuɗi a nan.

Sauran hanyoyin biyu duka suna buƙatar a fara tattara bayanai rukuni-rukuni, kuma nan ne aikin yake. A ɗauki darasin labarin ƙasa kan yankuna goma na Kamaru, kowane yanki da shafinsa. Maimakon a bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, sai a haɗa Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa a rukuni guda, a tsara su ƙarƙashin kanu uku: babban birni, ruwa, da abin da ake samarwa. Layin Arewa zai ɗauki Garwa, kogin Binuwai da madatsar Lagdo, sai auduga. Na Arewa Mai Nisa ya ɗauki Marwa, kogin Logone da shinkafar Yagoua. Na Adamawa kuwa Ngaoundéré, mafarin koguna da shanu. Shafi uku sun koma layi uku ke nan. Duk layin da ɗalibi ya kalla bai iya faɗaɗa shi da baki ba, an yanke shi fiye da kima, sai a mayar masa da kalma ɗaya ko biyu.

Rubutu da biro ba ya cin komai sai farar takarda, kuma abin da hannu ya rubuta ya fi zama a kai, sai dai wuri yana ƙarewa da wuri, gyara kuma yana ɓata shafin. Bugawa a kwamfuta tana ɗaukar kalmomi fiye da haka nesa ba kusa ba, musamman idan aka raba shafin gida biyu da Colonnes a Word, aka bar harafi a lamba 9 ko 10. Hatsarinta shi ne mai bugawar bai san darasin ba, yana iya sauya shekara ko sunan gari bai lura ba, saboda haka a duba rubutun a allon kwamfutar kafin a biya kuɗin fitarwa. Wanda zai yi bita shi kaɗai, biro ya ishe shi. Idan kuwa abokan karatu ne za su raba kwafi, gara su rubuta da hannu tukuna, sannan su haɗa kuɗi a buga sau ɗaya.