Wane Irin Rubutun Bidiyon Kayan Gwari Ya Kamata Mai Gidan Abinci Ya Amince Da Shi?

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani ke kan ganiyarsa a Kadawa da Kura da Garun Malam na jihar Kano, wayar duk wani mai gidan abinci takan cika da bidiyon gonaki. Ana nuna lebura suna tsinka, kwanduna sun yi jawur a bakin gona, sannan a ƙasa a ɗora 'yan kalmomi da lambar waya. Ni da nake yi wa wani gidan abinci a Kaduna sayayyar kayan miya shekara da shekaru, na daina kallon hoton kafin in karanta rubutun da ke ƙarƙashinsa, domin kowane tumatir kyakkyawa ne a cikin bidiyo, amma a rubutun ne ake gane wanda ya shirya ciniki da wanda ya shirya cin kuɗin mutane.

Akwai masu cika rubutunsu da kirari, su ce kaya ne na gani na faɗa, sai wanda ya gani, kuma ba a samun irinsa a ko'ina. Waɗannan ba na ɓata lokaci a kansu. Akwai kuma masu rubuta "a tuntuɓe mu don jin farashi" kawai, waɗanda galibi dillalai ne da ke son su ji muryarka su auna aljihunka kafin su yanka maka kuɗi. Masu jera sunayen kaya goma sha, daga kabeji da karas har albasa da attarugu, alhali bidiyon na gonar tumatir ce kaɗai, ba manoma ba ne, daga kasuwa za su harhaɗo maka, don haka in dai hakan kake so, gara ka aika yaronka kasuwar 'Yankaba ya zaɓo da idonsa.

Rubutun da nake so, wanda kuma shi kaɗai nake tura wa kuɗi, shi ne wanda ya yi kama da takardar ciniki. Wani manomi da muka daɗe muna hulɗa yakan rubuta nasa kamar haka: "Tumatir yutisi, an tsinke shi yau Talata da safe a Kadawa, ya fara ja bai gama nuna ba. Akwai kiret 40, kowanne kilo 25, ba a sayar da ƙasa da kiret 5. Ana lodi a Kwanar Gafan da yamma, kuɗin mota a kan mai saye, abin da ya lalace a hanya sama da kiret ɗaya cikin goma a kanmu." Bayan haka sai ya sa farashin wannan rana, ya kuma bayyana cewa na ranar ne kawai. Babu kalma ɗaya ta yabo a ciki, amma kowace jimla ta amsa wata tambaya da mai dafa abinci zai yi.

Faɗin irin tumatirin yana da amfani saboda yutisi mai tauri ne, namansa da kauri, ruwansa kaɗan, yana jure tafiya kuma yana ba da miya mai kauri, saɓanin mai ruwa-ruwa wanda za ka daɗe kana ƙona gas kafin ya tsotse. Faɗin matakin nunarsa ya fi wannan ma muhimmanci, domin wanda ya nuna sarai a gona sai dai a markaɗa shi a ranar da ya iso, wanda kuwa ya fara ja zai iya kwana uku ko huɗu a inuwa yana ƙarasa nuna a hankali, ana ɗiba daidai buƙata. Mai gidan abincin da ba shi da babban firji, ko yake fama da ɗaukewar wuta, wannan jimla ɗaya ita ce za ta raba shi da asara.

Batun ma'auni kuwa, a nan ne aka taɓa ƙona ni, shi ya sa nake tsananta masa fiye da komai. Wata shekara na ga bidiyo mai kyau da rubutun "manyan kwanduna, cike maƙil", na biya kuɗin kwando goma. Da motar ta iso muka kwance takardar da aka ɗaure bakin kwandunan da ita, saman ya yi kyau kamar yadda aka nuna, amma da muka juye na farko a kan tabarma sai ga ƙananan 'ya'ya a tsakiya, ƙasan kuma duk ya zama baje, ruwa na tsiyaya ta saƙar kwandon, ga tsami ya cika ɗakin girki. Da na kira mutumin sai ya ce ai shi kwando ya yi alkawari, kuma kwando ya turo. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, domin kalmar kwando ba ta da nauyi tsayayye, kuma idan aka ɗora su kan juna a mota, na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin na sama. Kiret na roba kuwa gefensa ke ɗaukar nauyin, iska na ratsa shi, kuma ana iya ganin abin da ke ƙasansa ta ramukan.

A ɗauki misali da lissafi. A ce an sa maka kwando mai kilo 50 a kan naira 20,000, kiret mai kilo 25 kuma a kan naira 11,000. Da farko kwandon ne zai yi maka kama da mai sauƙi, tunda kilonsa ya kama naira 400, na kiret kuma 440. Amma idan kashi ɗaya cikin biyar na kwandon ya lalace, kilo 40 ne ya rage maka, wato kilo ya koma naira 500, yayin da kiret ɗin da ya yi asarar kilo ɗaya kacal ya tsaya a wajen naira 460. Rubutun da bai faɗi kilo ba ya hana ka yin wannan lissafi tun daga farko.

Sai dai ko rubutu mai tsari ana iya kwaikwayonsa, kuma macuta sun gane haka. Wasu sukan sauke bidiyon gonar wani daga TikTok ko Facebook, su yanke gefen da sunan mai shi yake, su ɗora nasu rubutun da lambar asusu. Wasu kuma bidiyon nasu ne, amma na watan Fabrairu ne suke yaɗawa a watan Yuni, lokacin da tumatir ya yi wuya kuma kowa ke neman sa ido rufe. Idan ka ga mutanen cikin bidiyo sanye da rigunan sanyi, ga hazo a bayansu, alhali ana cikin damina, to ka riƙe kuɗinka. Haka nan idan farashin ya yi ƙasa sosai da na kasuwa a shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta shiga gonaki, kamar yadda ta yi mummunar ɓarna a Kano da Kaduna a 2016, da wuya a ce kayan na nan, in ma suna nan, to wataƙila an yi musu feshi dab da tsinka. Saboda haka nakan tambayi ranar feshin ƙarshe, kuma manomin da ke rubuta ta da kansa yana ƙara daraja a idona.

Kafin in ba da kafin alƙalami ga wanda ban sani ba, nakan buƙaci ya kira ni ta bidiyo daga cikin gonar, in zaɓi kiret ɗaya da kaina, ya juye shi a gabana, ya kuma tsaga tumatir biyu ko uku in ga cikinsu, domin tsutsar takan bar ƙaramin huji kusa da hancin ɗan tumatir, ciki kuwa ya yi baƙi. Nakan duba ko sunan da ke kan asusun banki shi ne sunan mai shafin, kuma idan aka ce in tura ta asusun ƙane ko na mai POS, maganar ta ƙare a nan. A cinikin farko ba na wuce kiret biyar, ba na biyan fiye da kashi ɗaya cikin uku kafin lodi, sannan sai an ba ni lambar direba na yi magana da shi ya tabbatar kayan na cikin motarsa. Ragowar kuɗin kuwa sai an sauke, an ɗora kowane kiret a kan sikeli a ƙofar ɗakin girki.