Wata ɗaya da VPN na kuɗi: na gaji da zaɓen fitilun titi

Tun lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, akwai VPN na kyauta a wayata. Watan jiya na ce bari in biya na kuɗi in huta, saboda yawan aikina a wayfay ɗin shagon wani abokina a Zoo Road nake yinsa, mu kusan goma a kan na'urar wayfay ɗaya. Wajen gudu ba ni da ƙorafi, bidiyo ba ya tsayawa. Amma tun ran farko da na rubuta tambaya a Google, maimakon amsa sai ga wani farin shafi ɗauke da wannan:

```
Our systems have detected unusual traffic from your computer network.
```

Wato an ga zirga-zirgar da ba a yarda da ita ba daga layina. Na danna akwatin reCAPTCHA, aka ce in zaɓi fitilun titi. Na zaɓa, aka kawo motocin bas, daga nan keke, daga nan kuma fitilu. Sai da na yi zagaye shida abokina yana ta dariya, wai ko dai da gaske ni ba mutum ba ne.

Abin da ya warware min ɗaurin yana ƙasan shafin nan: an rubuta lambar IP ɗin da ake tuhuma, wato adireshin da layi ke fita da shi a intanet, da lokaci. Na kashe VPN, na duba lambata a wani shafin duba IP, na ga daban take. Ashe ba ni ake zargi ba, sabar da na bi ta cikinta ce. Saba ɗaya tana fitar da mutane da yawa da lamba ɗaya, kuma lambar ta ɗakin ajiye kwamfutoci ce, ba ta gida ko ta waya ba, shafuka kuwa sun san bambancin. In mutum ɗaya a cikinmu ya saki manhajar da ke aika tambaya ɗari a minti, duk an shafa mana kashin kaji. Da na sauya daga sabar Landan zuwa wata a ƙasar da ba a cika rububinta ba, gwajin ya koma zagaye ɗaya, wani lokacin ma babu.

Sai dai in yi adalci, ba komai ne laifin VPN ba. Ran wata Asabar a kashe yake, amma saƙon ya sake fitowa a wayfay ɗin shago. Na shiga shafin na'urar, na ga lambar da kamfanin layi ya ba ta ta fara da 100.72, alhali wadda duniya ke gani wata ce daban. Duk lambar da ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 alama ce cewa kamfanin ya tara masu layi da yawa a bayan lamba guda, abin da ake kira CGNAT. Dalilin kuwa lambobin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, ba su ishi duniya ba. To ka ga mu goma a shago, ga kuma waɗanda ba mu taɓa gani ba, duk da riga ɗaya muke fita. Ranar na kashe na'urar na minti biyu na kunna, muka samu wata lamba, shi ke nan. A waya yanayin jirgi yakan yi wannan aikin, ko da yake ba kullum lambar ke canzawa ba.

Akwai kuma wanda ni na jawo wa kaina. Manhajar VPN ɗin tana da maɓallin toshe talla da masu bibiya, na kunna shi, na kuma hana kukis a burauza. Sai akwatin nan na Cloudflare, kamfanin da ke tsaron shafuka da yawa, mai cewa "Verify you are human" ya riƙa juyawa, in danna, shafi ya sake lodi, ya dawo da ni farko. Idan ka ci gwajin, a kuki ake ajiye shaidar ka ci. In babu wurin ajiyewa, kowane lodi kai baƙo ne. Yadda nake rarrabewa yanzu: in hotuna suna ta ƙaruwa, lamba ce ta ɓaci; in kuwa na wuce amma aka maido ni, burauza ce. Agogon kwamfuta da ya kauce ma yana iya jawo irin wannan.

Na rubuta wa masu kula da abokan ciniki na kamfanin VPN ɗin, suka ce in sayi lamba tawa ni kaɗai, da ƙarin kuɗi. Ban saya ba, domin lambar da kai kaɗai ke amfani da ita ta rage ɓuyan da ka biya dominsa. Abin da ya fi min amfani shi ne saitin da ke barin wasu manhajoji su bi layi kai tsaye: na cire burauzar bincike daga VPN, na bar sauran.

Tauraro uku cikin biyar na ba su. Zan sabunta wata ɗaya, amma ba zan biya na shekara ba.